Sakan Ashirin da Gaisuwar Maigida

A danginmu in ka ce Idan-Fa, ba wanda zai tambaye ka wace ce. 'Yar Gwaggo ce ta uku, kuma sunan ita ta jawo wa kanta tun bakinta bai gama buɗewa ba. A ce mata je ki sayo ashana, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce idan fa shagon a rufe yake? A ce a buɗe yake, ta ce idan fa ashanar ta ƙare? Gwaggo ta rantse cewa ko haihuwarta sai da ta ƙara kwana tara a ciki tana shawarar ko ta fito ko ta bari gari ya lafa tukuna.

A haka ta girma. Jakarta ta hannu, har yau in za ka ɗaga sai ka nemi mai kama maka. Akwai laima ko da rana na tsaga ƙasa, akwai biro huɗu saboda uku na iya mutuwa lokaci ɗaya, akwai allura da zare, da makullin wani gida da suka tashi daga cikinsa shekara goma da suka wuce. In ta kulle ƙofa takan dawo sau biyu ta girgiza kwaɗon, har kwaɗon ya san hannunta.

Shekara shida ta yi a kamfanin katifa, a teburin ƙarshe, inda ake zura katifa cikin leda a liƙe bakin. Kamfanin na mutum ɗaya ne, wanda kowa ke kira Maigida. Yana da teloli takwas, masu yankan soso uku, direba ɗaya, da shagon nuna kaya a gaba mai manyan tagogi biyu. Teburin leda dab yake da injin yanka, ƙurar soso kuwa kamar an yi mata kwatancen hancin Idan-Fa. Shekara shidan nan tari take yi, har Gwaggo na gane dawowarta tun tana kan kwanar layi.

Abin da ya fitar da ita daga wurin, tsoron nan nata ne. Wata rana aka kawo samfurin sabon tambarin da za a ɗinka a jikin katifu, kowa ya duba ya ce ya yi kyau. Ita ce ta ce idan fa lambar wayar ba daidai ba ce? Ta ɗauki wayarta ta buga, sai wani mai gyaran famfo ya amsa. Maigida ya kalle ta ya daɗe, washegari ya sa aka ba ta tebur a ofis, da fanka, da kujera mai juyawa, ya ce ita ce mai kula da talla. Amma ya faɗa mata a fili: gwaji ne na wata uku. In ya ga amfani ta zauna, in bai gani ba teburin leda yana nan bai je ko'ina ba. Mako biyu da komawarta ofis tarin ya ɗauke. Kujerar kuwa ba ta taɓa juyawa a kanta ba, wai idan fa ƙusar ta kwance.

Saura mako uku gwajin ya cika, Maigida ya kira ta ya ce yana son ɗan bidiyo na talla, irin wanda ke faɗo wa mutum a waya. Ya ce kada ya wuce sakan ashirin, don shi kansa in talla ta yi tsawo tsallake ta yake yi. Ya ce an ba shi lambar wani mai kyamara da ke aikin kansa, ba na kowane kamfani ba, kuma mutumin ya ce ba ya ɗaukar komai sai an rubuto masa bayanin aiki: me za a ɗauka, wane irin yanayi ake so mai kallo ya ji, da abin da zai miƙo in ya gama. Rubuta wannan takarda shi ne aikinta.

Har ta kai ƙofa ya kira ta ya ƙara abu ɗaya. Ya ce a farkon bidiyon shi zai fito, a zaune a kan teburinsa, ya gaida jama'a ya gode musu, don shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a bai taɓa ce wa masu sayen katifarsa sannu ido da ido ba. Ya ma rubuta gaisuwar da hannunsa, ya miƙo mata.

Idan-Fa ta zauna rubutu. Da yake ba ta son a ce ta manta da wani, sai ta zaga kamfanin tana tambaya. Babban tela ya ce dole a nuna kekunan ɗinki takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ban da na ƙarshe mai ƙara. Masu yanka suka ce injinsu ne zuciyar kamfani. Direba ya ce motar fa, ya wanke ta. Maigida ya leƙo ya ce a sa ɗan jirgin nan mai kyamara ya ɗauko rufin ginin daga sama, ba a daɗe da sauya kwanon ba. Duk ta rubuta. A wurin yanayi ta sa: natsuwa, farin ciki, ƙarfi, daraja, sauƙin kuɗi, da tausayi. Ko da ta gama, takardar ta kai shafi goma sha ɗaya, abubuwan ɗauka talatin da huɗu, kowanne da nasa “idan fa” a ƙasa. In da ka jefi kare da takardar nan, da sai an kai shi asibiti.

Ranar Litinin Mai Kyamara ya zo shagon. Siriri ne, mara yawan magana, da jaka a baya wadda ta kusa kai ta Idan-Fa nauyi. Ya zauna a bakin wata katifa ya karanta shafi na ɗaya, ya leƙa na ƙarshe, ya auna sauran a tafin hannu. Sannan ya ɗauki wayarsa ya raba ashirin gida talatin da huɗu ya nuna mata.

“Malama, kowane abu a nan zai samu rabin sakan da ɗan ɗoriya. Kafin mutum ya gane keken ɗinki ne ya gani, mun riga mun hau rufi.”

Ta ce idan fa aka yi sauri?

Ya ce ai saurin ke nan ya lissafa. Ya tambaye ta abu ɗaya da take son mutum ya ji in ya gama kallo, ɗaya tak. Ta duba shidan da ta rubuta, ta ga kowanne kamar ɗanta, ta kasa zaɓa. Shi ya taimake ta, ya ce katifa ake sayarwa, mai neman katifa kuwa gajiyayye ne. Ta ce to natsuwa. Ya ce madalla, sauran biyar su huta.

Daga nan ya shiga jero mata abin da takardar ba ta faɗa ba duk da kaurinta. A tsaye za a ɗauka don waya, ko a kwance don talabijin? Ba ta rubuta ba. Ya ce yawancin mutane a waya ba sa kunna sauti, saboda haka hoton ne zai yi magana, da ɗan rubutu, kuma rubutun kada ya sauka can ƙasa ko gefen dama inda maɓallan manhaja ke rufewa. Ya ce sakan biyun farko su ne komai, in ba a ga katifa a cikinsu ba yatsa ya wuce. Kiɗa zai samo mai lasisi, kada wani ya turo masa waƙar da yake so daga wayarsa. Ya ɗaga kai ya kalli dogayen fitilun rufin ya ce waɗannan in an ɗauki hoto mai tafiya a hankali rawa suke yi, ranar ɗauka a kashe su, zai zo da nasa. Ya tsaya a tagar gabas ya tambayi ƙarfe nawa rana ke barin ta. Wannan kam Idan-Fa ta sani, goma da rabi, don ta taɓa aunawa saboda idan fa rana ta koɗar da zanen katifu.

Sai ya kafa mata dokokinsa. Asabar kaɗai gare shi, daga bakwai zuwa ɗaya, bayan nan ya cika har ƙarshen wata. Takarda shafi ɗaya, ta same shi kafin sha biyun ranar Alhamis, don ya san kayan da zai ɗauko. Abin da ke cikin takarda shi zai ɗauka, abin da babu a ciki bai san da shi ba. Gyara sau biyu ne bayan ya turo haɗin farko, kuma daga bakin mutum ɗaya, ba ya son tela ya kira shi da safe direba ya kira shi da yamma.

Da zai tafi ta nuna masa gaisuwar Maigida. Ya karanta, ya mayar mata, ya ce ta karanta da ƙarfi a gida ta auna da agogo, ita da kanta za ta ba kanta amsa.

Da la'asar ta zaunar da Gwaggo a tsakar gida ta ba ta waya ta riƙe agogon. Ta miƙe tsaye ta gyara murya irin ta Maigida, ta fara daga sallama, ta bi ta kan iyaye da 'yan'uwa da abokan arziki na kusa da na nesa, ta gode wa dillalai, ta ambaci shekara ashirin da biyu. Sakan arba'in da ɗaya. Ta sake, wannan karon da gudu kamar mai karanta sharuɗɗan magani a rediyo. Talatin da uku. Ta cire abokan arziki na nesa. Ashirin da tara.

Gwaggo ta ce ita dai ba ta ga abin tashin hankali ba, a je a faɗa wa mutumin gaisuwarsa ta fi bidiyon tsawo, ai shi ma ya san lissafi tunda katifa yake aunawa.

“Inna, idan fa ya ce na raina shi?”

“In ya ce haka ki ce ba ki raina shi ba.”

“Idan fa ya mayar da ni leda?”

Tarin nan Gwaggo ma ta sha wahalarsa. Ta ajiye wayar ta ce a dai ci abinci tukuna. Idan-Fa ta ci loma uku ta ture kwanon.

Talata ta tafi ofishin Maigida da niyyar faɗa masa. Ta tsara maganar tun a mota, ta maimaita ta har sai da na kusa da ita ya matsa. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa sai ta jiyo muryarsa daga ciki, shi kaɗai, yana cewa iyayena da 'yan'uwana, ya tsaya, ya sake da wata murya mai taushi. Hannun nata ya sauko da kansa. Laraba ta shiga har ciki, ta buɗe baki, sai ya riga ta, ya tambaye ta ko ya fi kyau ya ɗora hannu biyu a tebur ko ɗaya. Ta ce biyu, ranka ya daɗe. Ta fito tana gumi a gaban fanka.

Safiyar Alhamis ta zauna ta rubuta shafi ɗayan, kuma gaskiya a faɗe ta, takarda ce mai kyau. A sama ta sa: sakan ashirin, a tsaye, don waya, a fahimta ko babu sauti. Yanayi: natsuwa, kamar mutum ya dawo gida ya cire takalmi. Haske mai laushi daga taga, launi mai ɗumi, kyamara ba girgiza, kiɗa a hankali babu waƙa. Sai ɗauka shida. Na ɗaya, daga kusa, tafin hannu ya danna katifa ya saki ta taso, sakan biyu. Na biyu, allura tana bin gefen katifa, sakan uku. Na uku, wuƙar inji tana ratsa soso a hankali, uku. Na huɗu, farin zanen gado yana sauka kan katifa a gaban taga, huɗu. Na biyar, mutum daga baya, ba a ganin fuskarsa, ya zauna ya zube a kai, biyar. Na shida, tambari da lambar waya a tsakiyar hoto, uku. Ta haɗa lissafin sau bakwai, kullum ashirin yake ba ta, babu ko ramin da za a cusa sallama.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta kira Mai Kyamara daga bayan shago, tana rufe baki da hannu kamar mai sayar da kayan sata. Ta tambaye shi, idan fa aka bar maganar jirgi da rufi gaba ɗaya, lokacin da za a ɓata a kansu zai isa a ɗauki gaisuwar Maigida daban? A kwance, minti ɗaya, da sauti mai kyau, don a riƙa kunnawa a talabijin ɗin shago. Ya ce zai isa, har ya fi masa sauƙi, zai zo da makirufo na maƙalawa a riga. Ta rubuta a jerin abin da zai miƙo: na ɗaya bidiyon sakan ashirin, na biyu gajerensa na sakan goma, na uku hotuna biyar, na huɗu gaisuwa. Haɗin farko ranar Talata, gamamme ranar Juma'a. Mai ba da gyara, ta rubuta sunanta.

“Shi Maigidan ya san ba ya cikin na wayar?” in ji Mai Kyamara.

Ta ce zai sani.

Sha biyu saura kwata ta kai takardar ofis. Maigida na kan waya da wani dillali, ya karɓa bai duba ba, ya toshe bakin wayar ya tambaya da ido da baki: gaisuwar na ciki dai ko? Ta ce tana ciki, ranka ya daɗe, lamba ta huɗu. Ya gyaɗa kai ya miƙo mata ya ce ke ce mai talla, tura. Ba ƙarya ta yi ba, kuma ta san ba gaskiya ta faɗa ba. Ta tura, ta koma kujerarta ta zauna a bakin-baki.

Asabar tun shida da rabi tana shago. Ta goge tagar gabas sau uku, ta zo da zanen gado huɗu saboda idan fa, ta goge su har suna iya yanka yatsa. Mai Kyamara ya iso bakwai daidai, ya manna takardar a bango da salatif, ya ce su fara da na taga tunda rana ba ta jiran kowa, na cikin masana'anta da fitilarsa zai yi, ko yaushe ne. Aka kashe fitilun rufi. Hannun da ya danna katifa na babban tela ne, bayan an sa shi ya yanke farce yana ƙunƙuni. Zanen gado sai da aka wurga shi sau goma sha huɗu kafin ya sauka yadda ake so.

Ƙarfe tara da rabi, ana shirin ɗauka ta biyar, Maigida ya shigo. Turarensa ya riga shi shigowa da kamar minti biyu. Sababbin kaya ne a jikinsa masu ƙara in ya motsa, da agogon da ba a taɓa gani ba. Ya ce to ga shi, a zo a fara da shi tunda shi ne farko.

Mai Kyamara ya ɗago kai. Ya kalli taga, ya kalli takardar bango, ya kalli Idan-Fa, ya ci gaba da murɗa wani abu a jikin kyamara. Hasken ya riga ya fara janyewa daga kan katifar, ya bar kusurwa ɗaya. Idan-Fa ta matso gaban Maigida.

“Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a ba mu awa ɗaya. Rana za ta bar tagar nan goma da rabi, ofishinka kuwa da fitila za a ɗauka.”

Tunda aka kafa kamfanin ba a taɓa ce wa Maigida ya jira ba, ko wuta in za ta ɗauke sai ta bari ya fita. Ya kalle ta, ya kalli tagar, ya ja kujera ya zauna a gefe yana tattare kaya kada su yamutse.

Direba ne zai zube a katifar, an riga an sa shi ya sa hannu a takardar amincewa. Da yake Maigida na kallo sai ya kasa. Ya zauna a sandare kamar mai jiran allura, ya kwanta kamar gawa, ya tashi ya ba da haƙuri. Sau shida. Hasken na ta tafiya, Idan-Fa na kallon agogo tana jin kowane sakan a haƙarƙarinta. Can Mai Kyamara ya ce masa ya fita ya zaga ginin da gudu sau biyu ya dawo. Ya dawo yana haki, ya faɗa kan katifar da dukan nauyinsa, har wani numfashi ya ƙwace masa. Aka samu, goma da minti ashirin da biyu.

Aka ɗauki allura da wuƙar inji, sannan aka shiga ofis. Aka maƙala wa Maigida makirufo, ya ɗora hannu biyu a tebur. Sau tara ya yi gaisuwar. A ta tara, da ya kai wurin shekara ashirin da biyu, muryarsa ta ɗan karye, ya haɗiye ya ƙarasa. Mai Kyamara ya ce wannan ce. Idan-Fa na tsaye a bayan fitila, ta ga mutumin nan da gaske yake, ba don a gan shi kawai ba, sai abin ya ƙara mata nauyi. Ta yi niyyar faɗa masa a take. Ya fito yana murna yana gaisawa da kowa, ta ce a ranta bari dai Litinin.

Litinin ta zo ta wuce ba ta faɗa ba. A gida Gwaggo ta gaji da ganinta tana zagaye tsakar gida, ta ce in ramin take son haƙawa a kawo mata shebur. Idan-Fa ta riga ta kwashe biro da kofinta daga teburin ofis ta zuba a jaka, ta kuma nemo tsohon ƙyallen da take ɗaure hanci da shi ta wanke ta shanya.

Talata ƙarfe goma saƙon Mai Kyamara ya shigo. Ta kalli na sakan ashirin ɗin ita kaɗai, sauti a kashe. Hannu ya danna, katifa ta taso. Allura, wuƙa, zane ya sauko cikin haske kamar ba hannun mutum ya wurga shi ba, Direba ya zube. Ita da ta san duk wahalar da aka sha, sai da ta ji tana son kwanciya. Ta duba lambar wayar sau uku. Sannan ta tashi ta tafi ofis, wannan karon ta ƙwanƙwasa kafin hannun ya yi shawara.

Ba ta zauna ba. Ta ce kafin ya kalla akwai abin da ya kamata ta faɗa masa tun makon jiya ta kasa. Gaisuwarsa sakan arba'in da ɗaya ce, bidiyon ashirin ne, kuma yawancin masu kallo ba za su ji sauti ba, bakinsa kawai za su ga yana motsi. Saboda haka ta raba su. Ba ya cikin na waya. Tasa daban take, cikakkiya, ta talabijin ɗin shago. Rufin ma babu. Ta faɗi duk wannan a numfashi ɗaya tana kallon kalandar bango.

Maigida ya miƙo hannu ta ba shi wayar. Ya kalla. Sakan ashirin ɗin nan, in ka tambayi Idan-Fa, sun fi shekara shidan leda tsawo. Ya ƙare, ya sake kunnawa. Ya sake. Sannan ya buɗe gaisuwar ya kalli kansa har ƙarshe, ya ajiye wayar a tebur a hankali.

“Wato Direba yana ciki, ni ba na ciki.”

“Bayansa ne kawai, ranka ya daɗe.”

“Ranar Alhamis na tambaye ki.”

Ta ce ya tambaye ta, kuma amsar da ta ba shi rabi ce, laifinta ne. Ta ji tsoro ne. Ya ce tsoron me? Ta ce leda.

Ya daɗe yana juya agogon hannunsa. Ya ce ya faɗa wa matarsa da surukansa da dillalai uku su sa ido za su gan shi a waya, yanzu sai ya san abin da zai ce musu. Ya ce abin bai yi masa daɗi ba, kuma ba zai ce ya yi ba. Idan-Fa ta fara lissafin inda za ta tsaya a teburin leda, gefen da ƙura ta fi sauƙi.

Ya sake ɗaukar wayar ya kunna na sakan ashirin ɗin, ya tsayar da shi a kan allura, ya matso da shi kusa da ido. Ya ce wannan zaren da ke lilo a gefen ɗinkin, wa ya bar shi? Duk mai sana'ar katifa da ya gani zai yi musu dariya. Ta leƙa, ga shi kuwa, ɗan zare kamar gashin gira, ita da ba abin da ke wuce ta ba ta gan shi ba. Ya tambaya ko ana iya cirewa. Ta ce an ɗauki allurar sau da yawa, za a iya sauya da wata ɗaukar, suna da gyara biyu, amma dole ta bakinta zai bi.

“To ki rubuta masa. Kuma tambarin ya ƙara girma kaɗan.”

Ta laluba jaka ta ciro biro, ya ƙi rubutu, ta ciro na biyu. Ya ce in an gama wannan akwai sababbin matasan kai da za su fito wata mai zuwa, su ma suna son nasu bidiyon, ta fara tunanin takardar, shafi ɗaya irin wannan. Ta tsaya da biro a sama tana lissafi: wata mai zuwa ai bayan gwaji ne. Ta buɗe baki za ta ce idan fa, ya ɗaga mata hannu.

“Amma in za ki sake cire ni, ki faɗa mini da wuri. Aski biyu na yi a mako ɗaya saboda ke.”

Ta ce to, ranka ya daɗe. Ta koma teburinta ta rubuta wa Mai Kyamara gyara na farko, layi biyu, zare da tambari. Ta karanta sau tara kafin ta tura, bayan ta tura kuma ta kira shi ta tambaya ko ya shigo.